Mutum 4,685, aukuwa 138: abin da ake ƙirgawa a binciken da ke jiran lokaci

Tsakanin Afrilun 2009 da Disambar 2013 an shigar da mutum 4,685 masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV cikin wani gwaji mai suna START, a cibiyoyi 215 na ƙasashe 35. Najeriya na ciki, ta hannun cibiyar IHVN mai nazarin ƙwayoyin cuta, wadda hedikwatarta ke Abuja. Tambayar da aka sa a gaba ta daɗe tana raba kan likitoci: mutumin da garkuwar jikinsa ke da ƙarfi, ƙwayoyin CD4 ɗinsa sun haura 500, a fara ba shi magani nan take, ko a dakata sai sun sauko zuwa 350? Aka raba mutanen gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 2,326 suka fara magani nan da nan, 2,359 aka ce su jira. Daga nan aka shiga bibiyarsu, ana lura da ranar da wani zai kamu da babbar cuta mai alaƙa da ƙanjamau, ko wata babbar cuta irin ta zuciya, ƙoda, hanta ko daji, ko kuma ya rasu. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya fara samu, an rubuta masa aukuwa ɗaya.

Wanda ya ji labarin gwajin yakan riƙe adadin nan na 4,685, domin shi ne mai cika baki. Amma adadin da aka gina gwajin a kansa 213 ne. An tsara cewa za a ci gaba da bibiya har sai aukuwa ta kai 213, kuma mutum dubu huɗu da ɗoriyan nan an tara su ne don a samu wannan adadi cikin shekarun da kuɗi da haƙuri za su iya ɗauka. Duk binciken da tambayarsa ita ce "yaushe abu kaza zai faru", ko mutuwa ce, ko dawowar ciwon daji, ko shanyewar ɓarin jiki, ko daina zuwa karɓar magani, haka lissafinsa yake. Da aukuwa ake farawa, yawan mutane kuwa daga baya ake fitar da shi.

Hujjar wannan tana cikin sakamakon START kansa. Zuwa 2015, bayan an bibiyi kowane mutum kimanin shekara uku a tsakaice, an samu aukuwa 42 a rukunin da ya fara magani da wuri, 96 a rukunin da ya jira. Ma'aunin haɗari, wanda ake rubutawa HR a takardun bincike, ya fito 0.43. Ma'anarsa, a kowane lokaci haɗarin da ke kan mai shan magani kashi 43 ne cikin 100 na haɗarin da ke kan mai jira. Tazarar da ake da yaƙinin gaskiya na cikinta ta tashi daga 0.30 zuwa 0.62, kuma duk inda ka tsaya a cikinta, magani da wuri ne ya yi nasara. To, a cikin waɗannan mutane dai, a shekarun nan dai, an ƙirga mace-mace su kaɗai: 12 a rukunin farko, 21 a na biyu. Ma'aunin ya fito 0.58, amma tazararsa ta buɗe daga 0.28 har 1.17. Ta tsallake 1, inda babu bambanci, don haka ba a iya yanke hukunci kan mutuwa ita kaɗai ba. Mutanen ba su ragu ko da ɗaya ba tsakanin tambaya ta farko da ta biyu. Abin da ya sauya shi ne 138 ta koma 33.

Mai kalkuleta zai iya gwada wannan da kansa. Faɗin tazarar ya dogara ne, kusan gaba ɗaya, kan wannan ɗan lissafi, inda d1 da d2 suke yawan aukuwa a rukunonin biyu:

```
SE(ln HR) ≈ √(1/d1 + 1/d2)
√(1/42 + 1/96) = 0.185
√(1/12 + 1/21) = 0.362
```

Idan ka ninka 0.185 da 1.96, ka danna exp, za ka samu kusan 1.44. Raba 0.43 da shi, ka samu 0.30, ninka 0.43 da shi, ka samu 0.62. Tazarar da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine ke nan, kuma mun fito da ita ba tare da mun taɓa adadin 4,685 ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanyoyin da ake kwatanta rukunoni biyu a irin wannan bincike, musamman wadda David Cox ya fitar a 1972, suna aiki ne a ranakun da wani abu ya faru. Ranar da mutum ɗaya ya kwanta, sai a dubi duk waɗanda suka rage ana bibiya, a ga nawa ne a wannan rukuni, nawa a wancan, sannan a ga daga wane rukuni wanda ya kwanta ya fito. Idan magani ba ya komai kuma rukunonin sun yi daidai, rabi da rabi za a riƙa gani. Idan yana aiki, ɓangare ɗaya zai riƙa rinjaye. Kowace aukuwa shaida ɗaya ce ke nan. Tsakanin wata aukuwa da wata kuwa, ko wata shida aka yi ana awo da rubuce-rubuce, babu sabuwar shaida kan wannan tambaya. Wannan bai sa waɗanda suka ƙare lafiya sun zama marasa amfani ba, domin da su ake sanin cikin mutum nawa abin ya faru. Amma ƙara dubu a cikinsu ba ya tsuke tazara kamar yadda ƙarin aukuwa goma zai yi.

Yawan aukuwar da ake buƙata kuwa, tun farkon shekarun 1980 David Schoenfeld ya ba da hanyar fitar da shi, Laurence Freedman ma ya ba da tasa a 1982, sakamakonsu na kusa da juna. Ga ta Schoenfeld idan an raba mutane rabi da rabi:

```
d = 4 × (z1 + z2)² / (ln HR)²
```

Abu uku ne ke shiga ciki. Na farko shi ne iyakar kasadar da aka yarda a ɗauka ta cewa magani na aiki alhali ba ya yi. Bisa al'ada kashi 5 cikin 100 ake sawa, wanda ke ba z1 darajar 1.96. Na biyu shi ne ƙarfin bincike, wato damar gano bambancin idan da gaske yana nan: z2 yakan zama 0.84 idan ana son kashi 80, ko 1.28 idan ana son kashi 90. Na uku shi ne girman bambancin da ake nema. Masu START sun nemi ƙarfin kashi 90 don gano ragin haɗari na kashi 36, wato HR na 0.64. Sa waɗannan a lissafin, ka samu 211, dab da 213 ɗin da suka tsayar.

Na ukun nan shi ne mai tsada, kuma a nan ne son zuciya kan shigo. Da ƙarfin kashi 90, mai neman HR na 0.50 aukuwa 88 ta ishe shi. Mai neman 0.80 kuwa sai ya tara kusan 845. Daga rage haɗari da rabi zuwa rage shi da kashi ɗaya cikin biyar, nauyin aiki ya ninka kusan goma. Shi ya sa mai ƙaramin kasafi kan ji sha'awar rubuta 0.50 a takardar neman izini, ba don yana da dalilin zaton maganinsa zai yi wannan ƙarfi ba, sai don lissafi ya dace da aljihu. A ganina wannan ya fi kowane kuskure a fannin nan illa, domin ba a ganinsa. Lissafin daidai yake fitowa, kwamiti ya sa hannu, a yi shekaru ana ɗibar jinin mutane, a ƙarshe a ce ba a ga bambanci ba, alhali maganin da ke rage haɗari da kashi 20 abu ne da kowane asibiti zai yi maraba da shi. Adadin da ya kamata a sa shi ne mafi ƙanƙantar bambancin da zai sa likita ya sauya abin da yake rubutawa majiyyaci.

Bayan an san aukuwa nawa ake so, sai a juya ta zuwa mutane da shekaru. START ya tara shekarun bibiya kimanin 14,000 idan aka haɗa na kowa, ya samu aukuwa 138, wato kusan ɗaya a kowace shekara 100 ta bibiya. A wannan tafiya, 213 na buƙatar shekarun bibiya sama da 21,000. Mutum 4,685 za su tara su cikin shekara huɗu da rabi da 'yan watanni. Da a ce wata cibiya ɗaya a Abuja ta ɗauki tambayar ita kaɗai da mutum 500, sai ta haura shekara arba'in tana jira. Dalilin haɗa ƙasashe 35 ke nan: mutanen da ake nazari lafiyarsu ƙalau, abin da ake jira ba ya yawan faruwa a kansu.

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira mu bi shi daki-daki, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce wata tawaga a Abuja na son gwada sabon tsarin kula da masu hawan jinin da ya fara taɓa ƙoda, aukuwar da ake jira kuma ita ce kaiwa ga wankin ƙoda ko mutuwa. Suna neman HR na 0.70 da ƙarfin kashi 80, lissafin Schoenfeld ya ba su aukuwa 247. Sun duba tsofaffin fayil-fayil na asibiti, suka ƙiyasta cewa a tsarin da aka saba, abin na samun mutum 10 cikin 100 a shekara. A sabon tsari ke nan 7 ake fata. Za su yi shekara biyu suna ɗaukar mutane, su ƙara shekara biyu suna bibiya. Wanda ya shigo ranar farko zai samu shekara huɗu, na ƙarshe shekara biyu, tsakaici shekara uku. Damar aukuwa cikin wannan lokaci ita ce:

```
P = 1 − exp(−λ × t)
1 − exp(−0.10 × 3) = 0.259
1 − exp(−0.07 × 3) = 0.189
N = 247 / 0.224 ≈ 1,100
```

Tsakaicin 0.259 da 0.189 shi ne 0.224, don haka mutum 1,100 ake nema. Wannan adadi ne zai hau shafin farko na takarda, shi mai ba da kuɗi zai riƙe, shi za a riƙa tambaya a kowane taro: an kai nawa? Amma 247 ne kaɗai ke tsaye da ƙafarsa. 1,100 ya jingina ne da zato uku: cewa 10 cikin 100 gaskiya ne, cewa mutane za su shigo a kan kari, da cewa ba za su ɓace ba.

Zaton farko ne ya fi yawan rushewa, kuma galibi ta gefe ɗaya yake rushewa: aukuwa kan zo ƙasa da yadda aka ƙiyasta. Fayil ɗin asibiti cike yake da waɗanda suka zo a makare, jiki ya riga ya yi tsanani. Shi kuwa gwaji yakan tace mutane, ya ajiye masu tsananin ciwo a gefe, sannan wanda ya shiga yana samun awo a kai a kai, da magani a hannu, da ma'aikaciyar jinya mai kiran waya idan bai zo ba. Ko rukunin da ba a ba sabon tsari ba sai ya fi majiyyacin yau da kullum samun kulawa. A ce a misalinmu ainihin adadin 6 ne cikin 100 maimakon 10. Mutum 1,100 ɗin nan za su cika, shekara huɗu ta ƙare, a ƙirga a ga aukuwa 156. Ƙarfin binciken ya sauko daga kashi 80 zuwa kusan 60, wato ko da sabon tsarin na aiki yadda aka yi fata, sau huɗu cikin goma ba za a iya nuna hakan ba. Gyaran hanya biyu ne: ko a kai mutane kusan 1,750, ko a bar 1,100 ɗin a ƙara shekara biyu ta bibiya.

An ga irin wannan ƙarancin aukuwa a gida. A gwajin SPRING da aka yi a arewacin Najeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, an raba yara 220 masu sikila da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wasu aka ba su haidiroksiyuriya miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna aukuwa 3 a rukunin farko, 5 a na biyu. Ga yaran da iyayensu wannan labari ne mai daɗi ƙwarai, domin takwas cikin 220 kaɗan ne ga yara masu irin wannan haɗari. Amma a sa 3 da 5 a lissafinmu na farko, za a samu 0.73, wanda ke nufin tazara mai ninki huɗu sama da ƙasa. Aukuwa takwas ba za ta iya faɗin ko awo ɗaya ya fi ɗaya wajen hana shanyewar jiki ba, kuma mai karatu ya kiyaye kada ya ɗauki rashin ganin bambanci a matsayin tabbacin cewa babu shi.

Zato na biyu, saurin shigowar mutane, ba ya buƙatar dogon bayani. Idan izini ya yi jinkiri ko yajin aiki ya rufe asibiti, har aka ɗebi yawancin mutane a watannin ƙarshe, adadin kai zai cika amma shekarun bibiya ba za su cika ba. Mutumin da ya shigo a wata na uku ya fi wanda ya shigo a wata na ashirin da uku amfani ga lissafi nesa ba kusa ba.

Zato na uku ya fi shafar Abuja, gari ne na masu zuwa da tafiya. Majiyyacin da ke zuwa asibiti a Garki ko Gwagwalada mai yiwuwa a Mararaba yake kwana, cikin jihar Nasarawa, ko a Suleja ta jihar Neja. Ma'aikacin gwamnati a yi masa canjin wurin aiki, ɗan kasuwa ya koma gida, lambar wayar da ke kan kati a kira a ji ba ta shiga. Idan a misalinmu mutum 10 cikin 100 na ɓacewa kowace shekara, damar ganin aukuwa ta sauka daga 0.224 zuwa 0.195, kuma 1,100 ya koma kusan 1,270. Wannan ɓangaren ana iya sayensa da kuɗi. Akwai kuma wanda kuɗi ba ya gyarawa. Kowa ya san abin da iyali kan yi idan jikin mara lafiya ya yi tsanani kuma aljihu ya ƙare: sai a ce a mai da shi gida. A sa shi a mota zuwa Katsina ko Zariya ko wani ƙauye, ya cika a can, a yi jana'iza kafin la'asar, babu takardar shaidar mutuwa. A rajistar bincike abin da za a gani shi ne layi uku na alƙawarin da bai zo ba, sai a rubuta an daina ganinsa. Aukuwa ce aka yi asara, kuma ba da ka ta ɓace ba, domin masu tsananin ciwo ne suka fi ɓacewa ta wannan hanya. Duk lissafin da muka yi ya ɗauka cewa wanda ya ɓace haɗarinsa ɗaya da na wanda ya tsaya. Idan hakan ya karye, ƙarin mutane ba ya gyara komai. Abin da ke gyarawa shi ne karɓar lambar 'yan uwa biyu ko uku tun ranar rajista, da sunan garin asali, da kasafin mai bin sawu wanda zai je har ƙofar gida ya tambaya. Naira ɗaya da aka kashe a nan, a ra'ayina, ta fi wadda aka kashe wajen ɗaukar sabon mutum. Alamar matsalar kuma ana iya ganinta: a kwatanta awon ƙarshe na waɗanda suka ɓace da na waɗanda suka tsaya, a kuma duba ko ɓacewar ta fi yawa a rukuni ɗaya.

Akwai hanyar tara aukuwa da sauri da ke da jan hankali, ita ce faɗaɗa ma'anarta. START ma ya haɗa cututtuka da dama da mutuwa wuri ɗaya, kuma ya yi hakan da hujja, domin dukkansu manya ne. Amma idan tawagarmu ta ƙara "kowace irin kwanciya a asibiti" don 247 ta cika da wuri, za ta kwaso zazzaɓin cizon sauro da haɗarin mota, abubuwan da sabon tsarin ba ya taɓawa. Aukuwa ta yi yawa, bambanci ya dushe. Idan HR ya tashi daga 0.70 zuwa 0.80, abin da ake buƙata ya tashi daga 247 zuwa 631.

START bai kai 213 ba. A watan Mayun 2015 kwamiti mai zaman kansa da ke sa ido kan bayanan ya ga an riga an amsa tambayar, ya ba da shawarar a ba kowa magani. Wannan bai saɓa wa lissafin ba. An shirya don 0.64, gaskiya ta zo 0.43, kuma bambanci mai wannan girma aukuwa kusan 60 ta isa a gano shi a lissafin Schoenfeld. Duba na tsakiyar hanya yana da mizani mai tsauri fiye da na ƙarshe, don kada yawan leƙe ya haifar da nasarar ƙarya, amma abin da aka tara ya wuce shi. A Satumbar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara magani ga duk mai ɗauke da cutar ko nawa ne CD4 ɗinsa, Najeriya ta sa hakan a ƙa'idojinta na 2016.

Ga mai zama a kwamitin ɗa'ar bincike, ko na asibiti ne ko na ƙasa wato NHREC da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya a Abuja, takardar da ta ce "za mu ɗauki mutum kaza" ta tsaya nan ba ta gama magana ba. Ya nemi ganin aukuwa nawa ake jira, daga wane asibiti da wace shekara aka ɗauko yawan faruwarta, da abin da zai faru idan ta zo ƙasa da zato da kashi ɗaya cikin uku. Ya kuma nemi a rubuta cewa bincike zai ƙare ne idan aukuwa ta cika, tare da ranar da za a tsaya a sake ƙirga. Wannan ƙirgar ba ta ɓata gwaji muddin jimilla kawai aka duba, ba a buɗe wane rukuni ne ke da nawa ba. A misalinmu, a ƙarshen shekara ta biyu, lokacin da aka gama ɗaukar mutum 1,100 kuma kowa ya samu kimanin shekara ɗaya a tsakaice, ana sa ran aukuwa kusan 90. Idan aka ƙirga aka ga 55, adadin ya fi kama da 6 cikin 100, kuma a ranar ne ya kamata a zauna da mai ba da kuɗi a zaɓa tsakanin ƙarin mutum 650 da ƙarin shekara biyu, tun ma'aikatan ɗaukar mutane ba su watse ba.